Minti huɗu sun ishi uban amarya

Duk wanda ya ratsa Aboabo ko Asawase ko Sawaba ranar Lahadi ya san yadda biki yake a zangon Kumasi. An tare layi da rumfuna, an jera kujerun roba, maza sun ɗaura aure da hantsi an raba goro, mata sun fito cikin yayi, sannan bayan la'asar a sake haɗuwa a ƙofar gida ko a zauren taro da aka kama haya. A wannan zama na yamma ne wani abu ya shigo mana wanda kakanninmu ba su saba da shi ba: mai gabatarwa ya ɗaga murya ya ce yanzu sai mahaifin amarya ya zo ya yi jawabi. Sai a ga dattijo ya miƙe, an danƙa masa makirufo, mutum ɗari biyu ko uku sun zuba masa ido, wayoyi sun tashi sama ana ɗauka. Ra'ayina shi ne wannan jawabi bai kamata ya wuce minti huɗu ba, kuma mafi yawan abin da iyaye maza suke cika shi da shi ba nan ne wurinsa ba.

A tsarin da muka gada, uba ba mai magana ba ne ranar auren 'yarsa. Wa ko ƙane ko amininsa yake wakilta ya karɓi sadaki ya ba da aure, shi kuwa yana gefe, wani ma ba ya zama a wurin, musamman idan 'yar fari ce wadda ko sunanta ba ya kamawa. Maganarsa tana zuwa ne daga baya, a cikin ɗaki, lokacin da gwaggonni za su kawo amarya lulluɓe ta durƙusa ta yi masa sallama kafin a kai ta. A nan yake faɗa mata abin da ke ransa, daga shi sai ita sai mutum biyu ko uku na jini. Dattawan da suke ganin hawan uba kan dandamali rashin kara ne suna da hujja, kuma uban da ya zaɓi ya tura ƙaninsa ya yi magana a madadinsa bai rage komai ba. Abin da ba na yarda da shi shi ne mai gabatarwa ya kira uba ba tare da an gaya masa tun kwana biyu ko uku kafin ranar ba. Yawancin jawaban da suke lalacewa daga nan suke faro lalacewa, domin mutumin da aka yi wa ba-zata ko dai ya daburce, ko ya kama magana ya rasa inda zai ajiye ta.

Amma tunda al'adar ta zauna, kuma iyaye da yawa suna so, sai a yi ta da kyau. Matsalar da ta fi yawa ita ce uba ya ɗauko maganar ɗaki ya kawo ta fili. Ya fuskanci 'yarsa a gaban dangin miji, da abokan ango, da 'yan unguwa, ya shiga jera mata: ki yi haƙuri, ki bi mijinki sau da ƙafa, yi na yi bari na bari, ban da yawo, ban da riƙe waya, kada in ji kada in gani. Wani ya ƙara da cewa ya san halinta, tana da baki, a riƙa yi mata haƙuri. Wani ma ya rufe da cewa daga yau ba ta da ɗaki a gidansa. Niyyarsa alheri ce, yana so surukai su ga an ba yarinya tarbiyya. Amma abin da kunnuwa suke ɗauka daban ne. Uwar miji ta ji cewa yarinyar tana da baki, kuma daga bakin mahaifinta. Ango ya ji cewa duk nauyin zaman a kan matarsa yake, tunda shi ba a ce masa komai ba. Ita kuma amarya ta ji cewa ranar da abu ya yi tsanani ba ta da wurin zuwa. Sannan ga bidiyo, wanda kafin isha'i ya zaga WhatsApp na dangi biyu, kuma yana nan ajiye. Ranar da aka sami saɓani bayan shekara biyu, akwai mai ɗauko shi ya ce ai ubanki ma ya faɗa.

Akwai jimla guda da nake roƙon kowane uba ya cire ta daga bakinsa gaba ɗaya, ko da wasa: "In ta yi maka ba daidai ba ka hukunta ta, na ba ka dama." Ana faɗarta ana dariya, amma izini ce da aka bayar gaban shaidu. Alƙur'ani a suratun Nisa'i, aya ta 19, ya umarci maza su zauna da matansu da kyautatawa, kuma a aya ta 35 ya nuna hanyar da za a bi idan aka ji tsoron ɓaraka: a tashi mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta. Wato dangin mace ba sa fita daga maganar don an ɗaura aure. Ita ma dokar Ghana ta 2007 kan cin zarafi a cikin gida ba ta san wani izinin suruki ba. Uban da ya rufe ƙofarsa a bainar jama'a ya sauke wani nauyi ne da addini bai sauke masa ba.

To me ya rage wa uba ya faɗa? Abu uku ne, godiya da nasiha da addu'a, amma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Godiya kowa a gidan zai iya yin ta. Nasiha malam ya fi shi iya ta, kuma an riga an yi ta da safe wajen ɗaurin aure, za a kuma yi a walima. Albarka ce kaɗai babu mai iya sa ta a madadinsa. Ya zo a hadisi cewa addu'ar mahaifi ga ɗansa tana cikin addu'o'i uku da ake amsawa, kuma ko ba a kawo hadisi ba, duk 'yar zango ta san bambancin "Allah ya yi miki albarka" daga bakin baƙo da kuma daga bakin wanda ya haife ta. Saboda haka rabon lokacin ya kamata ya bi wannan nauyi: godiya kamar daƙiƙa arba'in, danƙa amana da nasiha minti ɗaya da rabi, sauran duka addu'a. Abin da aka saba gani akasin haka ne. Godiya ta cinye minti goma, nasiha ta cinye goma, sai a dunƙule addu'a cikin numfashi ɗaya saboda ladan ya fara gyara murya.

Maganar ladan ba ƙari ba ce. A Kumasi rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida duk shekara, da ɗan gaba ko baya kaɗan, la'asar kuwa bayan ƙarfe uku take shiga. Taron da aka ce ƙarfe huɗu da wuya ya kankama kafin biyar saura. Ke nan awa ɗaya da 'yan mintoci ake da su kafin magariba ta watsa maza, kuma a cikinsu za a shigo da ango da amarya, a buɗe da addu'a, dangin ango su yi magana, ƙawaye su yi tasu, a yi liƙi, a raba abinci. Uban da ya riƙe makirufo minti ashirin ya cinye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na taron. Idan kuma dangin ango Tonawa ne ko Dagomba, aka sa mai fassara zuwa Tonanci ko Dagombanci, kowace jimla sau biyu za a faɗe ta, minti huɗu sun koma takwas. A irin wannan hali sai uba ya rage nasa zuwa minti uku, ya riƙa yanka magana gajere-gajere yana tsayawa, kuma a bar addu'ar ba fassara, domin amin ba ta bukatar tafinta.

Godiya ce ta fi kowane sashe haɗari, ko da yake ita ake ɗauka mai sauƙi. Hadisi ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, kuma a zango biki ba ya yiwuwa sai da hannun jama'a: wannan ta kawo buhun shinkafa, wancan ya biya kuɗin rumfa, ƙungiyar mata ta yi karo-karo, maƙwabta sun ba da ɗakunansu baƙi sun kwana. Uba yana jin nauyin kowa, sai ya fara kiran suna. Da ya kira na farko ya ɗaure kansa, domin duk wanda bai ji nasa ba zai lura. Ya kira goma sha biyar, na goma sha shida da ya manta ita ce ƙanwar mahaifiyarsa da ta taso tun daga Tamale, kuma wannan mantuwa za a daɗe ana tuna ta fiye da duk abin da ya faɗa. Ga kuma rigimar jeri: wa aka fara kira, sarkin wace ƙabila aka gabatar, wane Alhaji aka ambata ba tare da laƙabinsa ba.

Mafita ita ce a gode wa rukuni, ba ɗaiɗaiku ba. Malamai da sarakuna a jimla ɗaya, dangin ango a jimla ɗaya, baƙin nesa, maƙwabta da 'yan unguwa, sai matan da suka kwana a bakin murhu. Rukuni biyar, jimla biyar. Kiran sunayen manyan baƙi aikin mai gabatarwa ne, a rubuta masa a takarda tun farko, kuma in ya yi kuskure laifin bai hau kan mai gida ba. Kuɗi kuwa kada su fito daga bakin uba ko kaɗan. Wane ya ba da sidi kaza, lefe akwati kaza ne, kayan ɗaki sun ci kaza, duk wannan yana kunyata wanda ya kawo kaɗan, yana kuma ɗora wa uban da zai aurar a wata mai zuwa nauyin da ba zai iya ba. Masu cewa mutanenmu ba sa jin an gode musu sai an kira suna, gaskiya suka faɗa, amma muna da bangajiya. Kwana biyu ko uku bayan biki a bi gida-gida, ko a aika, ko a buga waya. Wannan ta fi shiga rai fiye da suna da aka jefa cikin hayaniyar lasifika.

Mutum ɗaya ne, ko biyu, nake ganin ya halatta a ware. Idan yarinyar riƙo ce, gwaggonta ko kakarta ce ta raine ta tun tana ƙarama, to rashin ambatonta zalunci ne, kuma babu mai jin haushin an fifita ta. Mahaifiyar amarya kuma fa? A nan sai an yi hattara. A gidan da ke da mata biyu ko uku, ko inda aka rabu da uwar yarinyar, kalmar "iyayenta mata" ta isa ta rufe kowa. Amma idan kowa a wurin ya san mace ɗaya ce ta sha wahalar karatun yarinyar da sana'arta, alhali uban yana nesa, to ya faɗi haka a jimla ɗaya ba tare da bayani ba. Jama'a sun sani, shirunsa ne zai zama abin magana.

Sai nasiha. Ka'idar da nake ba da shawara a riƙe ita ce, duk abin da uba ba zai iya faɗa wa ango da amarya tare ba, to na ɗaki ne. Girki, tsafta, kishi, yadda za ta zauna da uwar miji, halinta da ya sani tun tana yarinya, duk su jira lokacin sallama, inda za ta iya kuka ta kuma iya tambaya. A fili, abu ɗaya ko biyu sun isa, kuma su zama masu kama hannu. "Ku zauna lafiya" ba nasiha ba ce, fata ce. Amma "kada maganar ɗakinku ta riga ku fita waje, in ta fi ƙarfinku ga baffanta, ga kawunka" nasiha ce, domin ta faɗi abin yi, ta kuma nuna wurin zuwa. Kuma ya fara da ango. Wannan jeri yana da ma'ana: uba yana danƙa amana ne, mai karɓar amana ake fara yi wa magana. Ya kira shi ɗana, ba don ado ba, don dangin ango su ji cewa an karɓi nasu. Idan akwai alkawarin da aka yi kafin aure, kamar za ta ƙarasa karatu ko za ta ci gaba da sana'arta, wurin tabbatar da shi zaman manya ne kafin ɗaurin aure. A jawabi sai dai a taɓa shi ta hanyar godiya, kuma sai in an riga an daidaita. Uban da ya jefo sharaɗi sabo ta makirufo ya sa surukansa a tsaka mai wuya, ba za su manta ba.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce wani uba ne a Asawase, ɗan kasuwa, zai aurar da 'yarsa ta biyu wadda ta yi karatun jinya. Yayarsa ce ta riƙe ta tun tana shekara shida. Dangin ango sun zo daga Tamale, yawancinsu suna jin Hausa. Da ya zauna da ƙaninsa ranar Alhamis, takardar da ya fara rubutawa tana da suna ashirin da uku, da nasiha guda tara, da labarin ranar da aka haife ta. Suka karanta da agogon waya, ta kai minti goma sha huɗu. Sunaye ashirin da biyu suka koma takardar mai gabatarwa, aka bar na yayarsa. Cikin nasiha tara, bakwai na amarya ce ita kaɗai, aka ajiye su sai dare. Labarin haihuwa aka cire, domin shi ne wurin da muryarsa take karyewa, kuma ya fi dacewa da ɗaki. Ga abin da ya rage:

"Assalamu alaikum. Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana wannan rana, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Malamanmu da sarakunanmu, mun gode da kuka taka. Surukaina da kuka taso daga Tamale, sannunku da hanya, yau mun zama gida ɗaya. 'Yan'uwa na nesa da na kusa, maƙwabta da kuka buɗe mana ɗakunanku, iyayenmu mata da kuka kwana kan aiki, Allah ya saka da alheri, za mu zo bangajiya. Yaya, ke kika raini yarinyar nan, abin da aka gani na kirki a wurinta aikinki ne. Allah ya biya ki.

"Ɗana, ga amana nan na danƙa maka gaban waɗannan mutane. Ban ba ka ita don ta yi mini yawa ba, na ba ka ne don na yarda da kai. Ka riƙe ta da mutunci. 'Yata, wannan mijinki ne, iyayensa iyayenki ne, ki girmama su kamar yadda kike girmama mu. Ku biyun, abu ɗaya nake roƙo. Za ku saɓa, kowa yana saɓawa. Kada maganarku ta fita waje kafin ku zauna ku biyu. In ta fi ƙarfinku, ga baffanta nan, ga kawunka nan, ku same su tun abu yana ƙarami. Gidana a buɗe yake gare ku duka.

"Na yafe miki duk abin da kika yi mini, wanda na sani da wanda ban sani ba, ni ma ki yafe mini. Allah ya yi miki albarka. Allah ya yi muku albarka, ya sa albarka a kanku, ya haɗa ku cikin alheri. Allah ya sa ƙauna da tausayi tsakaninku. Allah ya buɗa muku arziki na halal, ya ba ku lafiya, ya ba ku zuriya ta gari a lokacin da ya fi alheri. Allah ya kare ku daga bakin mutane da sharrin zuciya. Waɗanda suka rigaye mu, Allah ya ji ƙansu. Baƙinmu, Allah ya mai da kowa gida lafiya. Fatiha."

A takarda wannan bai kai kalma ɗari uku ba, kuma wanda ya karanta shi a zuci zai ga kamar minti biyu ne. A fili ba haka yake ba. Kowace addu'a sai an jira amin ta tashi ta sauka, kuma akwai kusan goma a ciki. Ga tsayawa bayan an ambaci yayar, domin mata za su yi guɗa. Idan aka haɗa, yana kai minti uku da rabi zuwa huɗu. Shi ya sa gwajin da za a yi a gida dole ya zama da murya a sarari, wani yana amsa amin, ana duba agogo. Sau biyu ko uku ya isa. Ba a so ya haddace kamar karatun allo, kuma ba a so ya karanta daga doguwar takarda kansa a sunkuye. 'Yar takarda mai girman tafin hannu da kalma biyar ko shida na tuni ta wadatar.

A lura da wasu abubuwa cikin misalin. "Gidana a buɗe yake gare ku duka" ta yi aikin da ake bukata ba tare da ta zama barazana ga ango ba: yarinyar ta ji tana da gata, surukai sun ji, kuma babu wanda aka zarga. Addu'ar tsakiya fassarar wadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi wa sabon aure ce, kamar yadda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito daga Abu Huraira: Barakallahu laka, wa baraka alaika, wa jama'a bainakuma fi khair. Wanda ya iya Larabcin ya faɗa, wanda bai tabbata da lafazin ba ya yi da Hausa, ya fi a karya Larabci gaban malamai. Ƙauna da tausayi kuwa daga aya ta 21 ta suratur Rum aka ɗauko su. Maganar zuriya ma da gangan aka sassauta ta. Mun saba jin "nan da wata tara mu dawo suna", ana tafi. Amma haihuwa ba a hannun amarya take ba, kuma idan shekara uku ta wuce shiru, wannan wasa yana komawa ƙaya a zuciyarta. Haka nan roƙon 'ya'ya maza kaɗai. An ruwaito cewa Aƙilu ɗan Abu Ɗalib ya hana a yi masa gaisuwar jahiliyya mai fatan jituwa da 'ya'ya maza, ya ce a roƙa masa albarka.

Dalilin sa addu'a a ƙarshe ba na ibada ba ne kawai. Fatiha tana rufe magana. Da an shafa, uba ba shi da hanyar cewa "af, na manta", kuma babu ɗan'uwan da zai karɓi makirufo ya ce zai ɗan ƙara a kan abin da Alhaji ya faɗa. Jawabin da ya fara da addu'a ya ƙare da godiya shi ne yake jan jela, domin godiya ba ta da ƙarshe.

Akwai ƙananan abubuwa na wurin taro da suke iya ɓata jawabi mai kyau. A sa shi da wuri, bayan addu'ar buɗewa da zaman ango da amarya, kafin a fara liƙi da rabon abinci. Da zarar robobin shinkafa da sobolo sun fara yawo, hankalin rumfa ya tafi, ko wane ne yake magana. A gaya wa mai kiɗa ya kashe sauti gaba ɗaya, ba ya rage ba, domin muryar dattijo ba ta iya gasa da ganga ko ƙasa-ƙasa ce. A hana maroƙa kirari da masu liƙi tasowa har sai an shafa fatiha, in ba haka ba tsakiyar nasiha za a yanke shi. Makirufo ya tsaya kamar yatsu huɗu daga baki, kada ya sauke shi zuwa ƙirji in ya juya wajen amarya, kuma kada ya tsaya gaban lasifika, nan ne take yin ƙara mai huda kunne. Ya tsaya inda zai ga ango da amarya da dangin ango a lokaci guda, ba ya ba wa surukai baya ba. In wuta ta ɗauke ko hadari ya taso, kada ya tsaya jiran janareta. Ya tsallake kai tsaye zuwa addu'a da muryarsa, na kusa za su amsa, amin ɗinsu za ta kai wa na nesa labari.

Kuka kuma yana zuwa, har ga mazan da ba a taɓa ganin hawayensu ba, kuma yawanci a wajen yafiya yake kamawa. Ba abin kunya ba ne, kuma ba sai ya ba da haƙuri ba. Ya yi shiru, ya ja numfashi biyu ko uku, jama'a za su cike gurbin da salati. Amma saboda wani lokaci muryar ba ta dawowa, waliyyin da ya ba da auren da safe ya tsaya kusa da kafaɗarsa tun farko, ya kuma san abin da ke cikin 'yar takardar. In uban ya kasa, sai ya miƙa masa makirufo, shi kuma ya ɗora daga addu'ar da aka tsaya, ba tare da ya ƙara nasa jawabin ba, ya kai ta fatiha. Sauran nasihohin nan bakwai suna nan suna jiran dare, lokacin da gwaggonni za su shigo da ita ɗakin mahaifinta kafin motar kai amarya ta tashi.